Rautar da Muka Ɗaure a Kan Gora

A gidanmu na ƙauye, can gefen Sheme, akwai wata doguwar gora ɗaure jikin rumbun gero. A samanta akwai robar man shanu mai murfi, an kifa mata tsohon faifai kamar malafa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka maganin tsari ne. Ni na ɗaura ta, kuma abin da ke wuni cikin robar a lokacin rauta ce, 'yar ƙaramar na'ura da ba ta kai tafin hannuna ba, wadda ake sa wa sim ta jawo sabis ta raba wa wayoyin gida. An ce mani gorar na nan har yau, faifan ne kawai iska ta ɗauke. Mu kam mun daɗe da tasowa.

Yadda aka yi rauta ta shigo gidanmu kuwa, Yaya ne sanadi. Shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta, tsakaninmu mata ne duk sun yi aure, ɗaya a Sabuwa, ɗaya a Ƙanƙara. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya bi abokanshi Aljeriya aikin gini, ya bar matarshi a gida tare da mu. Ni Anti nake ce mata. Da ya ɗan samu wuri sai ya aiko wa Inna babbar waya ta hannun wani da ya dawo. Waya mai kyau, gilashi fes, amma kowane sim muka sa mata sai ta tofar. Mai gyara a Faskari ya juya ta, ya ce a kulle take da kamfanin can, shi ba ya iya buɗe ta. Sai ya ƙara da cewa, "Amma wayifai tana kamawa."

Kalmar nan ita ta hana ni sukuni. Mu da ko wayar wutar lantarki ba ta iso mu ba, balle wayar intanet irin ta manyan birane, ina za mu ga wayifai? Na yi ta tambaya har wani mai cajin waya ya nuna mani tashi rautar. Da aka sayar da waken suya na tafi Funtuwa na sayo ta hannu, murfin bayanta ma da salatif aka riƙe shi.

Ba wanda ya koya mani, wallahi. Ni da ita muka yi ta kokawa. Na buɗe bayanta na ciro batir, na ishe sunanta da lambar sirrinta rubuce a ƙasa. Na sa mata sim, na kunna, wayar Inna ta gan ta, na buga lambar, suka haɗu. Sai dai a cikin ɗaki fitilar sabis ja take nunawa. In na fito tsakar gida ta ɗan yi ruwan ɗorawa. In na hau kan katanga na miƙa hannu sama, sai ta koma koriya shar. Nan na gane abin: kwanon rufi da katangar ƙasa suna tare sabis, kuma ƙarfen sabis ɗin da muke sha yana can nesa wajen titi, sai an yi sama ake hango shi. To mutum ba zai wuni kan katanga ba. Shi ne na nemo gora, na sa mata zare da 'yar ƙugiya kamar ta tuta, da safe in ja robar sama, da yamma in sauke in sa caji a sola. Roba na zaɓa, ba langa ba, don ƙarfe yana kashe sabis. Faifan kuma saboda rana, don batirin nan in ya sha zafi kumbura yake yi kamar fanke. Duk wanda ya shigo gidanmu a lokacin sai na tsare shi da wannan bayani. Baffa, ƙanen Baba, har ya sa mani suna injiniyan rumbu.

Manhajar da ake tura murya da hoto kuwa, da lambar ƙaramar wayata mai tocila na buɗe wa Inna, tunda tata ba ta cin sim. Shi ma Yaya can da tsohon layinshi na gida yake amfani. Layin ba ya shiga in an kira, sai dai ta manhajar, ita ma sai ya koma masauki inda suke da wayifai, ko ranar Juma'a da ba su fita aiki.

Abin da ban zata ba shi ne Inna. Kowa ya san kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba. "Wancan," take cewa, ko "ɗan'uwanka". Yana gida ma in ya gaishe ta, amsawa take tana kallon tukunya. Ranar da muka fara kiran bidiyo fuskarshi ta cika gilashi, sai ta ja mayafi ta juya baya.

"Inna, ga shi fa yana gaishe ki."

"Na ji. Ka ce mashi lafiya lau."

"Ai yana jin ki."

"To me ya rage? Ɗauke mani abin nan daga fuska."

Amma da na nuna mata yadda ake danna alamar makirfo a riƙe a yi magana a saki, sai na ga wata Inna daban. Ba fuska, ba ido, ba wanda ke kallonta. Kullum da hantsi, in na ja roba sama, sai ta ɗauki tabarma ta zauna gindin rumbu, don ta gano can wayifai ya fi ƙarfi. Ta juya wa gida baya ta yi ta ba shi labari. Akuya ta haihu. Ruwa ya yi gyara. Kada ya riƙa hawa bene ba karin kumallo. Shi kuma ya aiko nashi, ta kara a kunne ta ji, ta sake ji. Mu duk mun san abin da take yi, ita ma ta san mun sani, ba mai cewa uffan.

Yaya ya zo gida sau ɗaya, ya yi 'yan makonni ya koma. Bayan komawarshi cikin Anti ya fito. Shi ne na farko da ya tsaya mata, don haka Yaya ya ɗora rai a kai ƙwarai. A wani saƙo, Baffa na zaune aka kunna, ya ce, "Baffa, don Allah ko me aka samu, kada a yi huɗuba sai na faɗi suna da bakina. Ban ga cikin ba, ba zan ga haihuwar ba, a bar mani wannan." Baffa ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari.

Sai aka kashe sabis.

Duk wanda ya zauna yankinmu ya san lokacin. Saboda matsalar tsaro hukuma ta sa aka rufe layukan waya, daga Ƙanƙara har Faskari har Sabuwa da maƙwabtansu. Mun ji a rediyo, amma ni ban yarda ba sai da na ja roba sama na ga ja. Na sauke, na kashe, na kunna. Na ciro sim na goge a riga. Na ƙara wa gora tsawo da wata gora. Ja dai. Ƙarfen ne ya yi shiru, ko sama ta bakwai na kai ta ba abin da za ta jawo.

Inna kuwa ba ta fasa ba. Da hantsi ta ce in rataya abina. Na ce ba amfani. Ta miƙo mani wayar ta nuna 'yar alamar nan mai kama da maficin kaba a saman gilashi.

"Wannan ba ita ka ce in ta cika akwai hanya ba? Ga ta cike."

Gaskiyarta, ni na faɗa mata haka. Na zauna na yi mata bayani da kyau. Alamar nan abin da take nufi kawai shi ne waya tana jin rauta. Daga nan zuwa saman gora ne. Amma daga rauta zuwa ƙarfen sabis, nan aka yanke. Na ce kamar guga ne da igiya, duk lafiyarsu lau, rijiyar ce ba ruwa. Na nuna mata ɗan agogon da ke gefen kowane saƙo, na ce in ya tafi alamar maki yake komawa, wannan agogo yana nufin yana jira.

"Jira yake yi?"

"Jira yake."

"Bai zube ba?"

"Bai zube ba."

"To rataya. Ni ma jiran nake."

Haka muka ci gaba. Ina jan rauta sama tana haska ja, Inna tana gindin rumbu tana magana. Wani sabon abu da ta tsiro da shi, in na sauke rautar da yamma sai ta karɓa ta ɗora wayar a kanta, ta lulluɓe su da ɗankwali na ɗan lokaci. Na ɗauka adana su take yi kada kaji su taka. Ban tambaya ba.

Ranar wata Lahadi Anti ta sauka, ɗiya mace. Jajir da ita, gashi kwance, da wani ɗan lotsawa a haɓa irin na Inna. Na ɗauke ta hoto da wayar Inna har ta gaji ta yi kuka. Inna ta koma gindin rumbu ta daɗe tana magana, ta fi kullum daɗewa. Saƙon ya hau layi bayan 'yan'uwanshi, da ɗan agogonshi.

Baffa ya zo barka ya kira ni zaure.

"Injiniya, ina dabara? Na yi wa ɗan'uwanka alkawari. Amma Lahadi mai zuwa suna, liman zai zo, jama'a za su zo. Ba za a yanka rago a kan yarinya ba suna ba. In Asabar ta yi ban ji daga gare shi ba, zan zaɓa, Allah ya ga zuciyata."

Direbobi sun riga sun kawo labari cewa in an wuce Funtuwa aka miƙi hanyar Zariya, akwai wani tudu bakin titi inda sabis ke ɗan leƙowa daga nesa. Na ce zan je ranar Juma'a, ranar da Yaya ke masauki. Na gaya wa Inna tun daren Alhamis cewa da rauta da waya duka zan tafi, don saƙonninta da hotunan jaririya su wuce. Ta ce to.

Da safe na ishe ta riga ta yi ƙunshi, ta naɗe da tsohon zane ta ƙulle tamau, ta cusa ƙasan jakata, ta ɗora dambu a leda a kai.

"Kada ka kwance a hanya. Idon mutane."

"Komai na ciki?"

"Duk abin da zai je mashi na ciki."

Na shiga mota a Sheme. Muka wuce Mairuwa, gonakin dawa sun fara sunkuyar da kai, in an zo shingen bincike a sauka a hau. A Funtuwa na sayi katin waya na canza mota. Tudun ba ya ɓata, don daga nesa za ka hango mutane tsaye hannuwa sama kamar masu roƙon ruwa. Wani kan tsohon suri, wani kan rufin mota, wani na ihu "Kana ji na? Kana ji na?" Har masu rake da ruwan leda sun kafa kasuwa.

Na samu gindin wata kaɗanya na kwance ƙunshi. Rauta. Wayar caji. Wani ƙullin yaji da daddawa, ban san ta ina take so in tura mashi ba. Na zazzage zanen. Na juye jaka. Babu waya.

Sai a lokacin na gane ɗankwalin nan na kowace yamma. Juye magana take yi. A lissafinta, abin da ta faɗa wa waya yana gangarawa cikin rauta ya taru, kamar yadda ake juye nono daga ƙwarya zuwa gora, kuma rautar ce ke ɗauka ta kai. Ni da bakina na ce mata saƙo jira yake, ban ce mata a ina yake jiran ba. Na zauna a ƙasa, rauta a hannu, ba komai cikinta. Ko kalma ɗaya ba ta ajiyewa. Hanya ce kawai.

Ƙaramar wayata ta kama sandar sabis ɗaya, amma me za ta yi mani? Layin Yaya ba ya shiga da kira. Dole sai babbar waya.

Kusa da ni akwai wani Alhaji mai ƙiba, ɗan kasuwar hatsi daga Sabuwa, yana ta ɗaga wayarshi yana tsaki, gumi ya jiƙa hularshi. Na gaishe shi.

"Alhaji, in na samo maka sabis mai ƙarfi, za ka ara mani wayarka?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, tun safe nake nan kamar tutar makaranta. A aljihu ka zo da shi?"

"A aljihu na zo da shi."

Datar rautar ta daɗe da ƙonewa, don wa'adinta wata ɗaya ne ko an sha ko ba a sha ba. Na ciro sim ɗinta na sa a ƙaramar wayata, na loda katin, na sayi data, sai da na gwada ya fi a ƙirga kafin ya shiga. Na mayar da sim, na kunna, na yagi bakin zanen Inna na ɗaure ta, na cire takalmi na hau kaɗanyar. A reshen farko ja. Na ƙara sama. Ruwan ɗorawa. Can wajen ƙarshe, inda reshe ya fara lanƙwasa da ni, na leƙa na gan ta koriya. Na daɗe ban ga wannan launi ba, har na manta ina kan bishiya. Na ɗaure ta nan na sauko.

Na sa wa Alhaji lambar sirri. Wayarshi ta hau ƙara ba tsayawa, saƙonni na faɗowa kamar ƙanƙara kan kwano.

"La ilaha illallahu! Kai, ɗan wane gida ne kai?"

Ya yi ta da ƙarfi, ai kuwa jama'a suka yo kanmu. Kowa a ba shi lamba. Na ba wasu, har rautar ta cika ta daina karɓa, don tana da iyakar wayoyin da take ɗauka. Kuma kowace waya da ta hau, sai ta hau jan abin da ta tara na makonni, hanya ta cushe. Na sa lambar Yaya a wayar Alhaji na tura saƙon murya, na ce ni ne, ya kira wannan lamba yanzu. Ɗan agogo ya tsaya yana kallona.

Wani matashi ya ce in shiga da lambata kawai a wayar Alhaji, Yaya zai fi saurin ganewa. Na ce a'a. In na yi haka manhajar za ta fitar da wayar Inna, kuma ban san me zai sami saƙonninta da ke layi ba. Ban yarda in taɓa su ba.

Na gaya wa Alhaji abin da ke tafe da ni. Ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Jama'a! Kowa ya sauka daga kan abin yaron nan! An yi wa wanshi haihuwa bai sani ba, jibi suna. Kai mai jar hula, na gan ka, bidiyo kake kallo. Sauka!"

"Alhaji ai kai ka fara hawa!"

"Ni haya na biya da wayata. Kai me ka kawo, haƙora?"

Aka yi dariya, suka kashe ɗaya bayan ɗaya. Agogon ya koma maki ɗaya, sannan biyu. Muka jira. Aka kira sallah a wani ƙauye can ƙasa, Alhaji ya ce mu je mu dawo, ya sa mai rake gadin kaɗanya. Muna dawowa waya ta yi ƙara.

Fuskar Yaya ta fito a daddatse, ta tsaya, ta motsa. Ya rame, ya yi baƙi.

"Auta? Lafiya? Ina Inna? Na kusa haukacewa, kullum ina turawa ba ya shiga."

"Kowa lafiya. Yaya, Anti ta sauka. Mace. Ran Lahadi."

Hoton ya daskare yana buɗe da baki. Na kashe bidiyon muka koma murya zalla, don ta fi sauƙi a kan sabis mai rauni. Na ji yana ta hamdala.

"Turo mani hotonta."

"Yana wayar Inna. Wayar na gida."

Na duba gilashin wayar. Na ɗauka layin ne ya yanke.

"To faɗa mani yadda take."

Ni da zan iya wuni ina bayanin rauta, sai na rasa ta inda zan fara. Na ce ja ce. Na ce tana da gashi. Ya ce hannunta fa? Na ce yatsunta dogaye, in ka sa mata ɗan yatsa ta kama ba ta saki. Ya ce kukanta da ƙarfi? Na ce har gidan Baffa ana ji. Na ce tana da lotsawa a haɓa irin na Inna. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Alhaji ya juya yana kallon titi.

Na ce, "Yaya, suna. Baffa na jira, kuma da bakinka ka ce." Na kunna abin ɗaukar murya na ƙaramar wayata, na kara ta a lasifikar wayar Alhaji. Ya gaida Baffa, ya gaida Anti da jiki, ya faɗi sunan. Sannan ya ce, "Inna, ki yafe mani nisa." Wata tirela ta wuce da hon a daidai nan, ta shiga cikin muryar. Har yau tana ciki.

Na hau na kwance rautar, bayan na bar mutane sun ɗan sha. Alhaji ya cika mani jaka da rake ya ce in gaida mai jego. Ban ƙara ganinshi ba.

Na iso gida kafin magariba. Inna na bakin murhu. Ita ta fara magana, ba ta ɗago ba.

"Sun tafi?"

"Inna, wayar fa?"

"Tana ƙarƙashin filo. Hanyar nan da ake tare mutane, in aka karɓe ta, muryarshi duk tana ciki. Na ce gara abin ya tafi da nawa, nashi su zauna."

Na buɗe baki zan fara bayani, sai na rufe. Na ce nata suna nan lafiya, suna jira, ba su tafi ba tukuna. Amma na zo da sabo.

Aka kira Baffa. Muka taru ƙofar ɗakin Anti, jaririya na cinyarta. Na kunna ƙaramar waya na ƙure murya. Ga hayaniyar titi, ga Alhaji can baya yana cewa a yi shiru, ga Yaya. Da ya zo kan suna, sunan Inna ya faɗa. Baffa ya ce Allahu akbar, ya karɓi yarinyar ya yi mata huɗuba a kunne nan take. Anti ta rufe fuska tana kuka tana dariya. Inna ta miƙe ta ce tuwonta zai kama, alhali ta riga ta kwashe. Da ta dawo idonta ja, ta ce hayaƙi ne. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba.

"Ba ni 'yar wayar nan. A ina ake dannawa?"

Ran Lahadi aka raɗa suna, aka yanka rago. Tunda sunan Inna ne, ba mai iya kama shi a gidan, sai kowa ya koma ce wa yarinyar uwar masu gida.

Sabis bai dawo ba sai bayan an gama girbi, sanyi ya shigo. Tun kafin nan na riga na aika sim ɗin ta hannun direba an sa mashi data, don jita-jita ta yi yawa cewa an kusa buɗewa. Wata safiya na ja roba sama kamar kullum, ban ma duba ba. Inna na kan tabarmarta. Sai na ji ta ce, "Kai, zo. Agogon nan suna gudu." Na zo na tsuguna. Ɗaya bayan ɗaya suna juyewa maki, daga na ranar da aka kashe sabis, har na ranar haihuwa, har hotunan, a hankali, don suna da yawa. Na Yaya kuma suna shigowa ta ɗaya gefen. Muka zuba ido har rana ta take.

Daga baya Yaya ya ce mani bai iya jin su rana ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa ji in ya dawo aiki. Yana cikin sanyin can yana jin Inna na cewa gero ya fara fitar da kai, ruwa ya rushe katangar bayan gida, ciki ya tsufa. Ya ce da ya zo kan na ranar haihuwa, ta kira sunanshi. Sau ɗaya, a farkon saƙon. Na ce ban yarda ba, ya turo mani in ji. Ya ce ba zai turo ba, nashi ne.

Shekarar da ta biyo baya zama ya gagara saboda rashin tsaro, muka taso muka kama haya a Funtuwa. Nan sabis har cikin ɗaki, rauta na kan taga, ba gora ba roba, ba abin da zan yi wa baƙo bayani. Na canza mata batir, tana nan tana aiki. Uwar masu gida ta yi baki, ita ke danna makirfo da kanta yanzu, tana ce wa wayar Abba. Yaya yana cewa bana zai dawo, bara ma haka ya ce. Bai taɓa ɗaukar 'yarshi ba.

Inna har yau da hantsi take magana da shi. Sai dai ɗaki ɗaya ne da falo, ba inda za ta juya wa mutane baya, don haka saƙonnin sun gajarce. Wani lokaci ina ganin ta da waya a hannu tana dube-dube, ta leƙa ƙofa, ta dawo. Na san rumbu take nema. Sai in ce wa Anti ta zo mu fita waje da yarinya, mu ja mata ƙofa.